Tsakanin "an soke" da "an kai": Inda kuɗin ƙananan kamfanoni ke ɓacewa idan sabis ya ɗauke

Duk ƙaramin kamfanin da ke gudanar da aikinsa a kan wayar salula a Katsina ya san wannan magana: "Wallahi na tura, sabis ne." Akasari kuma mai faɗin haka gaskiya yake faɗa. Ya rubuta, ya danna, saƙon ne bai fita ba.

Sai dai ɗora wa sabis laifi ba ya dawo da kuɗin da aka rasa. Sabis zai ci gaba da ɗaukewa a cikin kasuwa, da bayan gari, da lokacin da aka daɗe babu wuta. Abin da ke hannun matasan da suka kafa kamfani shi ne yadda suke rubuta labarin aikinsu. A nan ne mafi yawan asarar take, kuma gyaranta ba ya buƙatar sayen sabuwar manhaja.

Yadda naira 120,000 ke salwanta kafin azahar

A ɗauka akwai kamfani na mutum biyar da ke da ɗan shago a Ƙofar Sauri. Suna karɓar oda ta waya, su sayo kaya a kasuwa, su kai wa masu shaguna. Akwai mai karɓar oda, da mai riƙe kuɗi, da masu babur biyu, da wanda ke kula da manhaja. Dukkansu suna duba tebur ɗaya a wayoyinsu, kowace oda da layinta, kowane layi da gurbin da ake rubuta matsayin aiki.

Da ƙarfe 9:10 na safe aka shigar da oda ta 47: buhun shinkafa biyu zuwa wani shago a Ƙofar Ƙaura. Kwastoman ya riga ya turo naira 120,000. Aka ba ɗaya daga cikin masu babur aikin, aka rubuta "jira" a gurbin matsayi.

Da 9:50 mai babur ya biya kuɗin shinkafa a Babbar Kasuwa. Ya ciro waya ya sauya "jira" zuwa "an ɗauka". A fuskar wayarsa sauyin ya zauna daram. Amma a rumfar da yake tsaye data ba ta motsi, don haka sauyin yana nan cikin wayarsa, babu wanda ya gan shi.

Da 10:05 kwastoman ya kira ya ce ya fasa. Mai karɓar oda ta duba tebur ta ga "jira". A fahimtarta ba a sayi komai ba tukuna, sai ta rubuta "an soke". Da 10:15 mai riƙe kuɗi ya ga haka, ya mayar wa kwastoma kuɗinsa.

Da 10:40 mai babur ya fito titi, data ta dawo. Wayarsa ta tura sauyin da ta riƙe tun 9:50. Manhajar ta ga rubutu biyu a gurbi ɗaya, ta ɗauki wanda ya iso daga baya. "An ɗauka" ya goge "an soke". Mai babur ya duba, ya ga abin da ya rubuta da hannunsa, ya wuce Ƙofar Ƙaura ya danƙa wa yaron shago buhu biyu, ya rubuta "an kai".

Da magariba tebur yana cewa komai ya tafi daidai, asusu kuma yana cewa babu naira 120,000. Shinkafa tana can, kuɗi ma suna can. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci da gangan. Tsohon labari ne ya iso a makare, ya hau kan sabo.

Na ƙarshe ba shi ne sabo ba

Manhajoji da yawa suna bin ƙa'ida mai sauƙi idan mutum biyu suka taɓa abu ɗaya: rubutun ƙarshe shi ne ke zama. A ofishin da intanet ba ta yankewa, ƙa'idar ba ta cika yin ɓarna ba, domin abin da ya iso ƙarshe shi ne aka rubuta ƙarshe. Inda sabis ke zuwa yana tafiya kuwa, waɗannan abubuwa biyu sun rabu. A misalin da ke sama, minti 50 ne tsakanin lokacin da aka rubuta da lokacin da rubutun ya iso.

Wani zai ce to a riƙa duba agogon waya mana, wanda aka rubuta daga baya shi ya ci. Wannan ya ɗan fi, amma yana da ramuka biyu. Na farko, agogon wayoyi ba ya zama ɗaya. Wayar da aka saita lokacinta da hannu tana iya yin gaba da minti ashirin, sai ta riƙa cin kowace gardama. Na biyu shi ne ya fi muhimmanci: ko da "an soke" ne ya zauna, an riga an sayi shinkafar. Duka labaran biyu gaskiya ne, kuma kamfanin yana buƙatar jin dukansu. Duk tsarin da zai zaɓi ɗaya ya shafe ɗaya a ɓoye, ya ɓoye wa kamfanin rabin abin da ya faru.

Masana kwamfuta sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 2000 Eric Brewer na Jami'ar California da ke Berkeley ya bayyana cewa idan hanyar sadarwa ta yanke tsakanin na'urori, dole a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko dai kowa ya ci gaba da aiki, bayanai su saɓa na ɗan lokaci, ko kuma a tsaya sai hanya ta dawo domin bayanai su zama ɗaya. Babu manhajar da ta tsallake wannan. Wadda ke barin mutum ya yi aiki ba tare da intanet ba ta zaɓi na farko ne, kuma saɓanin da zai biyo baya mutane ne za su warware shi.

Saboda haka tambayar da ya kamata shugaban kamfani ya yi ita ce: wane aiki ne za a iya ci gaba da shi a makance, wane ne kuma dole a tsaya a ji daga bakin ɗan uwa? Rubuta "na iso kasuwa" yana cikin kashi na farko. Mayar da kuɗi, soke oda, da karɓe aiki daga hannun wani a ba wani, suna cikin na biyu.

Kowane aiki da lamba, kowane gurbi da mai shi

Gyara na farko shi ne lamba. "Odar Alhajin nan" ba suna ba ne idan akwai Alhazai uku a rana ɗaya. Lamba kuma tana maganin wata matsala da kowa ya sani: data ta tsaya, mutum ya danna tura sau uku, daga baya duka ukun su shiga. Idan duka suna ɗauke da lamba 47, an san oda ɗaya ce. Idan babu lamba, sai a sayo buhu shida.

Amma lambar ma tana da tarko. Idan mutum biyu suna karɓar oda, kowa babu sabis, dukansu za su ga 47 a ƙarshe su rubuta 48. Maganinsa shi ne mutum ɗaya ya riƙa ba da lamba, ko kuma kowa ya sa harafinsa a gaba, a sami A48 da B48.

Gyara na biyu shi ne mallaka. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, haka ma bai kamata hannu biyu su riƙa rubutu a gurbi ɗaya ba. Mai babur yana da gurbinsa da yake rubuta inda kaya suke. Mai karɓar oda tana da nata da take rubuta abin da kwastoma ya ce. Mai kuɗi yana da nasa. Da haka aka tsara teburin, da ƙarfe 10:40 layin oda ta 47 zai nuna "an ɗauka" a gefe guda, "kwastoma ya fasa" a ɗaya gefen. Mai babur zai gani kafin ya sauke kaya.

Gyara na uku shi ne a daina gogewa, a riƙa ƙarawa. Ɗan kasuwa mai littafin bashi ba ya goge dubu goma ya rubuta dubu shida. Yana rubuta sabon layi: ranar kaza an biya dubu huɗu. Ko an yi gardama bayan wata uku, littafin zai ba da labari daga farko. Zauren WhatsApp na kamfani yana iya zama irin wannan littafi idan kowane saƙo ya ɗauki abu huɗu: lambar aiki, abin da ya faru, lokacin da ya faru, da adadi.

```
47 | an ɗauka | 9:50 | buhu 2
47 | kwastoma ya fasa | 10:05 | a dakata
```

Lokacin da ke cikin saƙon shi ne ginshiƙi. Saƙon da ya maƙale yana faɗowa wayoyin sauran ne a ƙasan waɗanda suka riga shi isowa, sai ya yi kama da sabon labari. Idan mai shi ya rubuta 9:50 da hannunsa, kowa zai gane tsoho ne. Wannan ne kuma dalilin da ya sa saƙonni irin su "an gama" ko "to, na yi" ba su da amfani. Idan suka iso bayan awa ɗaya, babu wanda ya san me aka gama.

Maki biyu ba amsa ba ne

Da dama suna kallon alamomin WhatsApp ba tare da karanta abin da suke nufi ba. Alamar agogo tana nufin saƙon bai bar wayar ba. Maki ɗaya yana nufin ya isa wurin WhatsApp, bai isa wayar wanda aka tura wa ba. Maki biyu ya isa wayar. Idan suka koma shuɗi, an buɗe. A cikin zaure, maki biyu ba sa fitowa sai saƙon ya isa wayar kowa. Wanda ke son sanin ko ya isa ga mutum ɗaya takamaimai sai ya danne saƙon ya buɗe Info, inda zai ga jerin Delivered to da Read by.

Ko shuɗin makin ma bai isa hujja ba. Mai babur yana iya buɗe zauren a kan hanya, saƙo ashirin su zubo lokaci guda, duka su koma shuɗi bai karanta ko ɗaya ba. Don haka ƙa'idar ita ce: umarnin da ya shafi kuɗi ko kaya bai tabbata ba sai wanda aka ba ya maimaita shi da bakinsa. "47, na ji, na dakata." Shirunsa ba amincewa ba ne.

Ga yadda safiyar nan za ta kasance a ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. Da 10:05 kwastoma ya fasa. Mai karɓar oda ba ta da ikon rubuta "an soke", sai ta tura buƙatar a dakata. Ta buɗe Info ta ga saƙon bai isa wayar mai babur ba. Da 10:07 ta kira shi kai tsaye, domin sau da yawa kira yana shiga a inda data ta gaza. Ya ce ai ya riga ya biya, amma yana cikin kasuwa. Yanzu kamfanin yana da zaɓi: ko a roƙi mai shinkafa ya karɓi kayansa, ko a kawo su shago a jira wata oda, ko a gaya wa kwastoma an riga an saya. Mai riƙe kuɗi kuma ba zai taɓa asusu ba sai ya ga amsar mai babur. Kira ɗaya na minti ɗaya ya tsare naira 120,000.

Idan kiran bai shiga ba, sai saƙon tes, wanda ba ya buƙatar data ko kaɗan. A nan akwai abin da masu rubutu da Hausa ya kamata su sani. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin su ƙ, ɗ ko ɓ, wayar tana sauya tsarin rubutun, iyakar ta koma 70. Saƙon da ya wuce haka sai ya rabu biyu ko uku, a caji kuɗin kowane. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, tes ɗaya ya tashi daga naira 4 zuwa 6. A saƙon gaggawa, gajarta ita ce riba.

Ga masu gina tasu manhajar

Wanda ke kula da manhajar kamfani ba sai ya ƙirƙiro mafita daga tushe ba. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ta yi amfani da CouchDB da PouchDB wajen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar Ebola a 2014, a wuraren da sabis ba abin dogaro ba ne. Ma'aikaci yana rubutu a wayarsa, bayanan su jira, su tafi idan hanya ta samu.

Abin koyi a tsarin shi ne yadda yake ɗaukar saɓani. Kowane bayani yana ɗauke da lambar zubi mai suna `_rev`. Idan wayoyi biyu suka gyara abu ɗaya daga zubi ɗaya, CouchDB yana nuna ɗaya a sama, amma ba ya jefar da ɗayan. Yana ajiye shi, a same shi a ƙarƙashin `_conflicts`. Aikin mai manhaja shi ne ya fito da wannan saɓani fili, da jan launi, domin mutum ya yanke hukunci. Idan bai yi haka ba, an koma gidan jiya.

Kafin kamfani ya amince da kowace manhaja, akwai gwajin minti biyar. A ɗauki waya biyu, a kashe data a ɗaya, a sauya gurbi ɗaya a dukansu zuwa abu daban-daban, sannan a kunna datar. Idan rubutu ɗaya ya ɓace babu gargaɗi, an san halin manhajar, kuma an san ba za a bar mutum biyu su riƙa taɓa gurbi ɗaya a cikinta ba.

Masu cewa wannan ya yi yawa

Akwai masu ganin cewa mutum biyar da suka san juna tun makaranta ba sa buƙatar wannan tsari, saƙon murya ya ishe su. Suna da hujja. Mai babur a tsakiyar rana ya fi samun sauƙin magana a kan rubutu, kuma ba kowa ne rubutu ya zauna wa a hannu ba.

Amma saƙon murya ya fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, don haka shi ne ke fara maƙalewa idan sabis ya yi rauni. Da daddare kuma babu mai iya lalubo "47" a cikin muryoyi sittin. Sulhun shi ne layi ɗaya na rubutu ya fara tafiya, murya ta biyo baya da ƙarin bayani. Sanin juna kuwa bai hana asarar da aka kwatanta ba. Amana ce ma ta sa kowa ya yarda da abin da ya gani a tebur.

Wasu kuma za su ce kamfanonin sadarwa ne ya kamata su gyara aikinsu, musamman bayan ƙarin kuɗi. Haka ne, kuma hakkin masu biya ne su nema. Sai dai Katsinawa sun ga abin da ya fi raunin sabis. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa, aka shafe watanni babu kira babu tes. Ranar 4 ga Oktoban shekarar, WhatsApp da Facebook suka tsaya a duk duniya na kusan awa shida. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka ji a jikinsu. A ranaku irin waɗannan, kamfanin da duk iliminsa ke cikin zauren WhatsApp ya zama makaho.

Shi ya sa mataki na ƙarshe ba na waya ba ne. Kowane mai babur ya riƙe ɗan littafi yana rubuta layin nan mai abu huɗu, kuma a tsayar da lokaci biyu a rana, misali bayan azahar da bayan magariba, da za a zauna a shago a daidaita abu uku: abin da tebur ya ce, abin da littafi ya ce, da abin da ke asusu.

Wannan zama ne ke nuna ko tsarin yana yoyo. Alamomin a bayyane suke: aikin da matsayinsa ya koma baya, kamar daga "an soke" zuwa "an ɗauka", oda biyu masu kaya ɗaya da kwastoma ɗaya a cikin minti ɗaya, ko layin da aka yi awa uku ba a taɓa ba alhali mai shi ya rantse ya rubuta. Duk layin da ya nuna ɗaya daga cikinsu, a tsayar da kuɗinsa har sai an ji daga bakin mai aikin.

Oda ta 47 da aka gano da azahar, kiran waya ne da komawa Ƙofar Ƙaura a ɗauko buhu biyu. Wadda aka gano a ƙarshen wata kuwa, an riga an sayar da shinkafar a kwano-kwano, sai zargi tsakanin abokai biyar da kowannensu ya faɗi gaskiya.